Littafin sakatare: gyaran rufin ajin da iska ta yaye

Asabar, 2 ga Nuwamba 2024

Yau ƙungiyar iyayen yara ta yi taronta na farko a bana, ƙarƙashin bedin da ke tsakar lakwal, daga ƙarfe tara har aka kusa kiran azahar. Ni ne sakatare, ni ke riƙe da wannan littafi. Na ƙirga mutum 94, mata sun fi maza yawa, kamar yadda aka saba a nan Tawa, inda rabin magidanta suna Abijan ko Libiya.

An koma karatu a makare, ranar 28 ga Oktoba, saboda gwamnati ta ɗage buɗe makarantu a ƙasa baki ɗaya sakamakon ambaliya. Mu ruwa bai shigo mana ba, iska ce ta yi mana ɓarna. Hadarin wani dare a watan Agusta ya ɗauke rufin aji guda daga cikin ukun da ke tsohon gini, ya watsa kwanon har bayan katanga. Sauran biyun suna yoyo. Darakta ya ce yara 384 aka rubuta, kuma ajin da ya rasa rufi na ƴan aji ɗaya ne.

Ya karanto lissafin da wani ɗan kwangila ya kawo, sefa 1,150,000, har da fenti ciki da waje da sababbin tagogi. Bai kai ƙarshe ba wata dattijuwa ta miƙe ta ce: "Mushe, kuɗɗin da munka ba da bara, ina sunka tahi? A gaya muna wannan tukuna." Aka yi tsit. Gaskiya ce ta faɗa. Bara an karɓi dala ɗari ɗari kan kowane yaro ba tare da rasi ba, kuma abin da ya rage a asusu 46,000 ne. Ba na jin wani ya ci kuɗin. Ruwan famfo, alli da ladan mai gadi sun isa su cinye su. Amma babu takarda ko ɗaya da za a ɗaga a nuna, kuma wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya ja da baya.

Abin da aka tsayar: ba za a yanka wa kowa ko dala ba sai an duba ginin an gane abin da ya sa rufin ya tashi. Ƴan aji ɗaya za su koma ɗakin ƴan aji biyar, manyan su fito rumfar zana. Babu wanda ya ja da wannan. Kowa na tune da gobarar unguwar Peyiba a Yamai cikin Afrilun 2021, da ta Maraɗi a Nuwamban shekarar, inda ƙananan yara suka ƙone cikin azuzuwan zana. An ce masu tuyar ƙosai su matsa da murhunsu can bakin hanya.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Mun zaga ginin mu biyar: shugaba, darakta, ni, magini, da wani kakan ɗalibi da ya yi shekaru yana aikin gine-ginen gwamnati kafin ya yi ritaya. Baba muke ce masa. Darakta ya riga ya rubuta wa sufeto ya sanar da shi, tunda ginin na hukuma ne, ba a taɓa shi da ka.

Baba ya sa aka kawo tsani, ya ce in hau in gani da idona. Ajin mita 9 ne da mita 7. Manyan ƙarafa biyu da suka ratsa ɗakin suna nan lafiya, tsatsa kaɗan ce kawai. Amma katakan da aka jera a kansu, waɗanda ake buga kwano a jiki, gara ta cinye cikinsu. Na danna ɗaya da babban yatsa, ya burma kamar busasshen kara. Daga waje kuwa lafiyayye yake, har da sauran fenti.

Babban aibin yana saman bango. Bulo ne kawai aka jera har ƙarshe, aka ɗora ƙarafan a kai aka liƙe da ɗan siminti. Babu ɗamarar kankare, wadda magina ke kira shenaj, wato zoben kankare mai ƙarfe a ciki da ke zagaye saman bango ya ɗaure kusurwa huɗu wuri guda. Baba ya ce iskar hadari ba danna rufi take ba, ɗaga shi take. Tana shiga ta ƙarƙashin baki da ta tagar da aka bari buɗe, tana turowa daga ciki, ta sama kuma tana zuƙa. In ba a ɗaure rufi da wani abu mai nauyi ba, nauyin kwano kaɗai ba ya riƙe shi. Ya ce ko sabon kwano na miliyan muka ɗora a haka, wata damina za mu sake tsinto shi a bayan katanga.

Sai tsagar bangon yamma. Guda biyu ne. Ta farko siririya ce, ya ƙwanƙwasa gefenta da makulli aka ji ƙarar holoƙo, ya ce yaɓe ne ya saki, ba komai. Ta biyu ta taso a karkace daga kusurwar taga, ta fi faɗi a sama, ana saka tsinken ashana ya shige. Ita ce ta dame shi. Wannan gefen ne ruwan rufi ke zuba, shekara da shekaru yana cin gindin bango har ya yi kwari. Ya sa magini ya kwaɓa siminti kaɗan ya shafa faci uku sirara a kan tsagar, aka rubuta kwanan wata da ƙusa. In facin ya tsage, ginin na ci gaba da zama. In bai tsage ba, sai a cike.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Taro na biyu, kuma shi ne mai zafi. Mun zo da sabon lissafi na 640,000, babu fenti, babu tagogi. Kwano bandir uku 225,000. Bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu a madadin katako, guda 14, 112,000. Rodi 70,000, siminti buhu 20 a kan 60,000, ƙugiyoyi da waya da sandunan walda 38,000. Ladan magini 70,000, na mai walda 65,000. Siminti ya zo mana da sauƙi, don gwamnati ta rage farashinsa a watan jiya, ga Malbaza kuma kusa da mu.

Wani ya ce katako ya fi araha, a shafa masa baƙin mai kawai. Baba ya ce baƙin mai yana jinkirta gara, ba ya hana ta, kuma babu wanda zai riƙa hawa kowace shekara yana dubawa. Aka ɗaga hannu, ƙarfe ya yi rinjaye.

Daga nan aka shiga yadda za a raba, kan yaro ko kan gida. In kan yaro ne, kowane zai tashi kusan 1,700. Wani mai amalanke da ke da yara biyar a lakwal ɗin ya ce shi ke nan an kore shi, don sama da jika takwas ba ya haɗa ta ko a mako biyu. Masu yaro ɗaya suka ce me zai sa su biya daidai da mai biyar. An daɗe a nan. Shugabar iyaye mata ce ta warware, ta ce: "Alli da ruwa yaro ka cin su, a biya bisa yaro. Ruhi kuwa na unguwa ne. Mai ɗa guda yau, baɗi yana da biyu." Aka tsaya a kan haka. Dala ɗari ta kullum tana nan kan kowane yaro, a asusunta dabam. Kuɗin rufi jika biyu ne kan kowane gida, ana iya biya sau biyu.

Gidaje 210 ne. An ware 25 da ba za a tambaya ba, na marayu da na waɗanda gidansu ya faɗi a damina. Ba a karanta sunayensu a fili ba, liman da shugabar mata ne suka tantance. Saura 185, wato 370,000 in kowa ya biya. Ƴan unguwa da ke ci-rani sun yi alkawarin 150,000. Da 46,000 na asusu, an samu 566,000. Giɓin 74,000 muka bar shi a buɗe, yashi da tsakuwa kuma aka ce gayya za a yi.

Wani abu ya faru da ya kamata duk sakataren da zai gaje ni ya sani. Na karanta "dubu biyu" kamar yadda yake a takarda, sai wani tsoho ya tashi da faɗa, shi dala dubu biyu ya ji, wato jika goma. Sai da aka zaunar da shi. Daga yau a rubuce sefa ne, a baki kuwa dala da jika.

An kuma tsayar da ƙa'ida. Kowane biya da rasi mai lamba, ɗaya ga mai biya, kwafinsa ya zauna a littafi. Malamai ba za su karɓi kuɗi a aji ba, ma'aji ne kaɗai, safiyar Talata da Asabar. Kuɗi ba ya fita sai da sa hannun shugaba da ma'aji. Kojes, wato kwamitin kula da makaranta, ta shigar da aikin cikin tsarin ayyukanta na bana. Kowace Juma'a zan rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita a tsohon allo, a jingina shi bakin ƙofa.

Juma'a, 29 ga Nuwamba

Abin takaici. Jiya wani malami ya mayar da yara bakwai gida, wai su zo da rasi. Babu wanda ya sa shi, cewa ya yi yana taimaka mana. Biyu daga cikinsu ma ƴan gidajen da aka yafe wa ne. Da yamma uwar ɗaya ta same ni a ƙofar gida, ba ta ɗaga murya ba, ta ce: "Malam, in don jika biyu ne, a bar min ɗiyata gida ta taya ni talla." Na rasa abin da zan ce mata.

Mun zauna da darakta da safe. Makarantar gwamnati ce, karatun firamare kyauta ne, abin da muke tarawa gudummawa ce da iyaye suka ɗora wa kansu. Bashin na gida ne, babu ruwan yaro. Darakta ya tara malamai ya gaya musu, ni da shugaba muka bi gidajen bakwai muka ba da haƙuri. Shida sun dawo yau. Yarinyar nan ba ta zo ba.

Lahadi, 15 ga Disamba

Gida 131 sun biya, 262,000. Kuɗin ƴan ci-rani sun iso ta kamfanin aika kuɗi na Nita, cif 150,000, bayan na tura musu hoton allon bakin ƙofa. Jimla a hannu 458,000. Na lura duk ranar Asabar da ta biyo bayan sabon rubutu a allo, biya ya fi yawa. Dattijuwar da ta yi tambaya a taron farko takan sa jikanta ya karanta mata, ta biya nata tun makon farko.

Yarinyar ta dawo ranar Litinin. Shugabar mata ce ta je sau biyu.

An kawo yashi amalanke shida da tsakuwa. Baba ya damƙi yashin da ɗan ruwa ya buɗe hannu, na amalanke biyu ya dunƙule ya bar jan shafi a tafinsa. Ya ce laka ta yi yawa, ba zai shiga kankare ba, a zuba shi a kwarin gindin bango.

Litinin, 23 ga Disamba

An yi hutu, mun samu filin aiki. Tun ranar Asabar aka tallafe manyan ƙarafan da gumagumai, aka sauke layin bulo na sama. Yau aka zuba ɗamara.

Ga lissafin yadda Baba ya koya mini, don in iya gane ko ana cin mu. Zagayen ajin mita 32 ne. Ɗamarar faɗinta santimita 15, tsayinta 20, wato kankare kusan mita kubik ɗaya. Irin wannan kankare yana son siminti kilo 350, buhu bakwai ke nan na kilo 50. A ƙasa kuwa awon shi ne buhu ɗaya, baro ɗaya na yashi, baro biyu na tsakuwa. Rodi mai lamba 10 layi huɗu ne ke zagayawa, sanda 12 har da haɗi, ana ɗaure su da zobban rodi mai lamba 6 duk bayan santimita 20.

Inda aka yi gardama shi ne kusurwa. Yaran magini sun yanke rodin daidai kusurwa, kowane bango da nasa. Baba ya sa aka kwance. Ya ce dole rodi ya lanƙwasa ya shiga ɗaya bangon aƙalla rabin mita, in ba haka ba sanduna huɗu ne kwance, ba zobe ba. Magini ya yi ta ƙunƙuni, ya gyara. An haɗa bakin manyan ƙarafan da rodin da walda kafin a zuba, aka kuma bar gemun rodi suna leƙowa sama a bangayen gefe, inda za a kama bututu.

Ni aikina tsaron ruwa ne. Leburori suna son kwaɓi mai ruwa don ya fi saurin zuba, amma kankare mai ruwa da yawa ba ya ƙarfi. Buhu takwas ya ci maimakon bakwai, don katakon awo ya ɗan buɗe a gefe guda. An lulluɓe da tsofaffin buhuna. Hunturu yana busar da kankare kafin ya kama, saboda haka za a yi ta ba shi ruwa safe da yamma kwana bakwai. Iyaye mata sun raba kwanakin tsakaninsu.

Asabar, 4 ga Janairu 2025

An kwance katako. Baba ya karci ɗamarar da ƙusa, ba ta zubar da gari ba. An jera bututu layi takwas an yi walda, an shafa jan fentin hana tsatsa.

Gida 160 sun biya, jimlar abin da ya shigo 516,000, an kashe 350,000. Saura 166,000, kwano kuwa 225,000. Mai gadi ne ya fitar da mu. Ashe tun washegarin iskar ya tattara tsohon kwanon ya jera a bayan ɗakinsa ya danne da duwatsu. Muka ɗaga su ɗaya bayan ɗaya muna hango rana ta jikinsu, aka samu 19 da ba su yage ba, tsatsa ba ta huda su ba. Rufin yana son 57. Bandir biyu guda 40 ne, da tsofaffin ya isa har da ragowa. Da tsohuwar zuma ake magani. An rage 75,000, giɓin nan ya rufe. An sayi bandir biyu, an ba mai walda kafin alƙalami 15,000. Asusu saura jika ɗaya.

Facin tsaga uku suna nan ba su motsa ba. Na yi murna, Baba ya ce in dakata. Ƙasa a bushe take yanzu, ba ta motsi. Shaidar gaskiya sai bayan ruwan farko.

Alhamis, 16 ga Janairu

Jiya na je da rana na tarar an ɗora layin farko, mai walda ya tafi sayen sanduna ya bar yaronsa. Na shiga ciki na ɗaga kai, sai na ga ƙugiyoyin suna fitowa ta cikin kwarin kwano. Ko ni da ba sana'ata ba na san ruwa ta kwari yake bi. A kan tudu ake huda kwano, a sa roba a ƙarƙashin noti. Yaron ya ce ta kwari ya fi sauƙin ɗaurewa. Sababbi shida ya riga ya huda.

Na tsayar da aikin. Da maigidansa ya dawo ya ga abin, bai yi musu ba. Na ɗauka asarar shida muka yi, sai ya ce a kwance a kifa su, kwari ya koma tudu, ramukan kuma su faɗa daidai kan bututun. Haka aka yi, rabin yini kawai muka rasa. Yau na zauna a wurin har la'asar. Kowane kwano yana hawa na gefensa da tudu biyu, na sama yana rufe na ƙasa da taƙi guda. A baki da kusurwoyi an ninka ƙugiya, don nan iska ke fara kamawa. Tsofaffin an sa su a tsakiya, an toshe tsofaffin ramukansu da kwalta.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Taro na uku, a cikin ajin da kansa, mutum 120 da wani abu, wasu a tsaye ta taga. Ƴan aji biyar sun bar rumfa tun ranar 20 ga Janairu, an kwance zanar an ba mai gadi. Ƙananan an bar su inda suke har ƙarshen shekara.

Ma'aji ya karanta rasi ɗaya bayan ɗaya, ya ɗauki kusan rabin awa, babu wanda ya tashi. Gida 172 sun biya, 344,000. Duk abin da ya shigo 540,000, duk ya fita. Mai walda ya karɓi 40,000, yana bin mu 25,000. Gida 13 ne ba su biya ba, in sun kawo an samu 26,000. Yawancinsu sun ce sai an fara cire albasa. Mai walda ya ce zai jira zuwa farkon azumi.

Na faɗi kuskurena a gaban kowa. Ni na matsa aka biya magini ladansa duka ranar da aka kwance katako, alhali dakalin gindin bangon yamma yana cikin yarjejeniya. Yanzu ya kama wani aiki a Ƙonni, waya sai ya ce gobe. Siminti buhu tara na ajiye a ofishin darakta bisa katako, kuma siminti ba ya son dogon zama. Taro ya tsayar cewa daga yanzu kashi ɗaya cikin uku na kowane lada sai an karɓi aiki. Shugaba zai sami yayan maginin a masallaci.

An tayar da maganar sauran azuzuwa biyu. Su ma babu ɗamara, katakonsu kuma irin wancan ne. Wasu suka ce a sake yanka jika biyu yanzu, wasu suka ce mutane sun gaji, ga azumi ga salla. Ba a tsayar ba. Baba ya ce ko ba a samu kuɗi ba, kafin watan Mayu a ɗaure katakan da rodi mai lamba 6 a ratsa shi cikin bango layi uku ƙasa, a kuma gyara sakatun tagogi don a riƙa rufe su in hadari ya taso. An ba shi da mai walda su kawo lissafin wannan ranar Asabar 15 ga wata.

Wata uwa ta tambayi fenti. Aka yi dariya, ita ma ta yi. An rufe taro da addu'a ƙarfe ɗaya saura kwata.